Yadda ake haɗa baitin anibasar mai amsa-amo ba tare da an ji ƙauri ba

Watan da ya wuce yayata ta cika shekara 40, tela ce, nan unguwar Bagalam a Maradi take ɗinki cikin gida. Ƙannenta munka haɗa kuɗi munka sai mata turmin atamfa da ɗan gato, sai anka ce ni da nike son rubuce-rubuce in yi mata baiti a karanta kafin a yanka. Na ce ai wanga ba aiki ba ne, minti 10 na gama. Ga abin da na fara rubutawa:

Barka da ranar haihuwarki
Allah shi ƙara lafiyarki
Muna taya ki murnarki
Kowa shina ta yabonki

Na karanta ma ƙanwarmu, ta yi shiru, can ta ce "to wanga ai ko maƙwabciya ka tura ma ya yi." Ta yi gaskiya. Babu Yaya ciki ko kaɗan, kuma amsa-amon na aro ne, don "ki" ɗin nan ba ƙarshen kalma ba ne na gaske, ɗan wakilin suna ne da kowa ke iya manna ma kowace kalma. Haka "ka", haka "mu", haka "wa" na cewa, zuwa, tafowa, gamawa. Kunne na gane wanga dabara nan take. Ba haramun ba ne ka yi amfani da ita sau guda, amma in baitinka duka a kanta ya tsaya, kamar miyar da ba komi ciki sai magi ce.

Sai na yage na sake daga farko, kuma yadda na bi shi ne zan nuna, daki-daki.

Abu na farko, aje maganar amsa-amo gefe tukun. Ɗauki takarda ka rubuta abubuwa 4 ko 5 da kai kaɗai ko ƴan gidanku kunka sani game da mutumin, da magana irin ta baki, yadda za ka faɗa ma aboki a majalisa. Ba halaye ba, irin su kirki, haƙuri, kyauta, waɗannan kowa ana ba shi su ranar biki. Abin da ido ya gani ake so. Ni ga nawa: muna yara muna kwance muna jin ƙarar kekenta har dare ya raba. Tufafin lakwal ɗinmu duka ita ta ɗinka, ba wanda ta taɓa ce ma kawo kuɗin zare. In na ƙi wanka takan ɗauko ruwa ta tare ni a zaure. Yanzu kuma ido ya fara ba ta wahala wajen zura zare a allura. Shi ke nan, ba waƙa ciki tukun, amma duk wanda ya san ta ya san ita ce.

Daga nan sai ka duba cikin abin da ka rubuta, amsa-amonka na nan ɓoye ciki, ba daga waje za ka kawo shi ba. Ni da na sake karantawa sai na ga dare, zare, tare, zaure, duk sun faɗo da kansu ban neme su ba. To "re" ke nan. A waƙar Hausa amsa-amo gaɓar ƙarshe ce, baƙi da wasalin da ke biye da shi, wato "re" ta amsa "re", "na" ta amsa "na". Wasali kaɗai bai isa ba, dare da safe ba su amsa juna yadda ya kamata. Da ka samu gaɓar sai ka zuba duk kalmomin da ka tuna a gefe, ko da ba za ka yi aiki da su ba: dare, zare, tare, tsare, fure, cire, kare, aure, zaure, jure, ƙare, more, share, ƙyaure. In ka kasa samun kamar 10 a gaɓar da ka zaɓa, bar ta tun yanzu, don nan gaba ita za ta tilasta maka faɗin abin da ba ka yi niyya ba. Yawancin baitocin da ake ji sun yi ƙauri daga nan cutarsu ta fara, mutum ya kama gaɓa mai kalmomi 3 kacal sai ya koma bawansu.

Mutane da yawa na son farawa da sunan mai bikin a ƙarshen ɗango, wato layin baiti. In sunan na ƙarewa da "na" ko "ra" ko "ya" to da sauƙi, kalmomi sun yi yawa. In kuwa irin su Zainabu ne ko Yusuf, za ka sha wuya, ka ƙare da "babu" da "sabu" ka tsaya. Sa sunan farkon ɗango ko tsakiya, ko ma ka faɗe shi da baki kafin ka fara karantawa. Ni ban sa komi ba, "Yaya" kawai na ce na ɗaga takarda, dama ba a kama sunan babba.

Yanzu ga wurin da nike son a tsaya da kyau, don shi ne abin da ya fi ɓata baiti kuma ba a cika lura da shi ba. Waɗancan kalmomin na "re" ba jinsi guda ba ne. Faɗi "dare" ka faɗi "zaure" ka saurara. A dare, "da" ɗin gajere ne, harshe na taɓawa ya wuce. A zaure, "zau" na da nauyi, sai ka ɗan zauna a kai. Gaɓa iri biyu ke gare mu, mai sauƙi da mai nauyi. Mai sauƙi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar da, ki, mu. Mai nauyi ita ce wadda ta ƙare da baƙi, kamar kin, kwan, ɗin, ko mai jan wasali, ko irin su rai da yau. Matsalar ita ce rubutun bokonmu ba shi nuna ja. Gari da ake zama ciki da gari na tuwo rubutunsu guda, amma na tuwo "ga" ɗinshi ja ake. Shi ya sa ƙirga gaɓoɓi da ido kan takarda ke yaudara, sai ka ga ɗango biyu kowane gaɓa 11 amma guda na tafiya guda na ɗingishi.

Don haka na raba kalmomina kashi biyu. Masu sauƙi kafin ƙarshe: dare, zare, tsare, fure, cire, da tare ta tare hanya. Masu nauyi kafin ƙarshe: aure, zaure, jure, ƙare, more, share, da tare ta "muna tare". Kashi guda za ka riƙe a ƙarshen baitocinka. In ka rufe baiti na farko da dare, na biyu da jure, a takarda sun amsa, a kunne kuwa kamar kabu-kabu ne ya faɗa rami. Na zaɓi kashin farko saboda dare da zare can suke. Zaure ban yar da ita ba, na sa ta tsakiyar ɗango, za ku gani.

Sai kari, wato tafiyar da ɗango ke yi. Ba sai ka yi karatun aruli ba. Nemo jimla guda da ka tabbata dole ta shiga, ka faɗe ta da baki kana buga cinya, ita za ta ba ka karin. Ni jimlar ita ce shekarun. Na yi ta juyawa, "yau kin cika shekara arba'in", ba ta zauna ba, har na faɗo kan wagga:

Ashe yau kina shekara arba'in

Buga ta ka ji: ta-tan-tan, ta-tan-tan, ta-tan-tan, ta-tan. Mai sauƙi guda, masu nauyi biyu, sau 3, sannan mai sauƙi da mai nauyi a rufe. Malaman aruli na ce ma wanga kari mutaƙarab, amma sunan ba shi ne aikin ba, bugun cinyar shi ne aikin. Kuma kun ga ƙarshenshi ta-tan ne, daidai da da-re da za-re, abin da ya sa na san na dace. A lura, lamba ma na da nata nauyi. Arba'in tan-ta-tan ce, talatin ta-tan-tan, hamsin da sittin tan-tan. In ka cire arba'in ka sa talatin a ɗangon can sai ya karye, gara ka kai ta farko ka ce "Talatin a yau" ka ci gaba. Kuma a takardar da za ka karanta rubuta lambar da kalmomi, in ka sa 40 bakinka na iya suɓucewa ka ce karant.

Game da tsarin baiti, shawarata ƙwar biyu. Wato kowane baiti ɗango biyu, na biyun kaɗai ke ɗauke da amsa-amo, na farko a sake yake. Na san ƙwar huɗu da ƙwar biyar sun fi armashi a kunne, inda ɗangwayen ciki ke amsa junansu da ƙaramin amsa-amo, na ƙarshe kuma ya riƙe babban amsa-amon da ke ratsa waƙar duka. Amma lissafa: ƙwar biyar baiti 4 ɗango 20 ne, kowane sai ka nemo mai kalmar da ta amsa. Ƙwar biyu baiti 4 kalmomi 4 kawai kake bukata. Ga wanda ba sana'arshi ba ce, duk ƙarin amsa-amo ƙarin wurin yin ƙarya ne.

Dabarar da ta fi taimakona ita ce fara rubuta ɗango na biyu. Yawancinmu mukan rubuta na farko da daɗi, sannan mu shiga neman abin da zai amsa shi, sai na biyun ya fito a takure, kuma shi ne wanda kunne ke tsayawa kai. Juya abin. Sa maganar da ta fi nauyi a na biyu, sannan ka gina na farko shi kai ka can, tunda shi ba a ɗaure yake ba. Na fara da maganar keke. Gwajin farko "kina taka keke har tsakar dare", gaskiya ce amma ba ta hau bugun ba. Na gwada "kina taka kekenki kullum dare", ta hau, sai dai ba mai cewa "kullum dare", "kullum da dare" ake cewa, na yanke "da" ne don kari kuma ana ji. Na bar shi na tafi sallar isha'i, a hanyar dawowa ya zo:

Ashe yau kina shekara arba'in,
Muna kwance kekenki kan kai dare.

Wanga ko ba waƙa ba haka zan faɗe shi. Nan ne ma'aunin da nike amfani da shi ga kowane ɗango: cire shi daga waƙar, ka tambayi kanka, zan iya duban idonta in faɗi haka a tsakar gida ba ta ce lafiya kake ba? In a'a, to ɗangon na da gyara.

Baiti na biyu harshenmu na nan ne ya cece ni. Da Hausar littafi na rubuta "ke kika yi" da "ba wanda ya sayi zare", duka biyu sunka cika da gaɓoɓi masu sauƙi, bugun ya watse. Da na faɗe su yadda muke faɗi a Maradi sai sunka zauna daram:

Tufafin lakwal ɗinmu ke kinka yi
Da hannunki, ba wanda yas sai zare.

"Kinka" da "yas sai" sun kawo nauyin da ake so. Kuma lakwal na bari, ban ce makaranta ba, don a gidanmu lakwal ake cewa, makaranta ta allo ce. In da bakinka kake cewa kado da gato da lakwal, kar ka koma cewa wata kalmar da ba ka taɓa faɗi ba don ana waƙa. Abin da zan hana kawai shi ne ka jawo kalmar Faransanci ko ta Larabci don ta cike maka ƙarshen ɗango. Na ga wanda ya rufe baiti da "ya habibati" ga gwaggonshi.

A baiti na uku na faɗa ramin da kowa ke faɗawa, juya jimla. Na rubuta:

Idan na ƙi wanka ki ɗauko ruwa,
Ki ce babu fita, ki ƙofa tsare.

"Ki ƙofa tsare." Bahaushe ba shi magana haka, "ki tsare ƙofa" ake cewa, na kai aikatau ƙarshe ne da ƙarfin tsiya don in samu "re". Wanga ita ce alamar tilas ta farko, kuma ko yaro na jin ta. Maganinta ba wuya: in kana son aikatau a ƙarshe, to ka riga ka ambaci abin da aikin ya faɗa ma tun a baya, sai aikatau ya zo shi kaɗai yadda yake zuwa a magana.

Idan na ƙi wanka ki ɗauko ruwa,
Gudu za ni zaure, ashe kin tare.

Nan anka yi dariya ranar, ita kanta har da rufe baki da mayafi. Ɗan tsokana guda na da kyau cikin baitin anibasar, shi ke raba shi da ta'aziyya, amma ka bari tsokanar ta faɗa kanka, ba kan mai bikin ba. Ni ne ƙazamin da ba shi son wanka, ita ce mai tarewa.

Alamar tilas ta biyu ita ce ciko: fa, dai, kuwa, ma, ai, lalle, wallahi, da ake cusawa don cike gurbin gaɓa. Guda a waƙa duka ba laifi, muna faɗinsu a magana. Amma gwada cire shi, in ma'ana ba ta rage komi ba to ciko ne, nemi kalma mai aiki. Ni kaina "ashe" ta fito mini sau 2, na yi ta tunanin cire guda, na bar su don kowace na ɗauke da mamaki na gaske. Ta uku ita ce ja ko gutsure wasali, ka ce "zaaare" don shi hau kari. Mawaƙan baka da kalangu ko gurmi na yin haka ya wuce, don kiɗa da amshi na rufe musu, da yawansu ma ba su damu da amsa-amo a kowane layi ba. Kai da za ka karanta a falo ba kiɗa, ba abin da zai rufe ka.

Sai kalmomin da sunka amsa amma ba su dace ba. Cikin jerina akwai kare, ba sai na yi bayani ba. Akwai aure, wadda ita ce tarkon gaske, tana da daɗin amsawa sai ka ga mutum ya jefa ta ga budurwar da ake ta yi ma gorin rashin miji, ko wadda aurenta ya mutu bara, a gaban mutane. Akwai ƙare, ranar da ake ƙirga shekarun mutum ba a son jin ta. Haka maganar haihuwa ga wadda ba ta samu ba, da tsufa, da furfura, sai in wasa ke tsakaninku kamar jika da kaka ko ɗan mace da ɗan namiji. Fure kuma ba ta da laifi, amma na bar ta don "kyakkyawa kamar fure" ba ta ce komi ba game da Yaya.

Baitin ƙarshe addu'a ne, kuma a garin nan da ba kowane gida ke son shagalin ranar haihuwa ba, addu'ar ce ke sa ko dattijon da ya ɓata rai shi ce amin. Ita ma a ɗinka ta daidai jikin mai ita. Na tuna maganar allura:

Tsawon rai da sauƙi da ƙarfin ido
Da jika a cinyarki, Allah tsare.

Da farko "tsare" na sa a baiti na uku, sai na ga addu'a ta fi bukatarta, na mayar da can "tare". Kar ka maimaita kalmar amsa-amo guda sau 2 a waƙa mai baiti 4, ana lura. Kuma jikan na sa shi ne don babbar ɗiyarta ta yi aure, in ba haka ba da ban taɓo ba.

Da ka gama, kar ka yarda da idonka. Ɗauki waya ka yi bokal ka tura ma kanka a Watsap, ka bari sai da safe ka saurara. Duk inda ka ji ka yi sauri don ka cimma bugun, ko ka ja wata kalma, sa alama. Sannan ka miƙa ma wani takardar, wanda bai taɓa ji ba, ka ce karanta da ƙarfi, kai kuma ka yi shiru. Kai ka san inda ramukan suke kana tsallakewa ba ka sani ba, shi kuwa zai faɗa ciki. Ƙanwarmu ta yi tuntuɓe a "ashe kin tare", ta ja "ta" ɗin kamar ta "muna tare", don haka a takardar na ja layi ƙarƙashin kalmar, kuma na yanke shawara ni zan karanta da kaina. In saƙo za ka tura ba karantawa ba, haɗa rubutun da bokal saboda irin wanga.

Baiti 4 ɗin nan ba su kai minti guda a baki ba, kuma dare biyu sunka ci mini. Na so in ƙara na biyar kan yadda take faɗa in an taɓa mata almakashi, na samu ɗangon farko, na biyun ya ƙi sai da "cire" ko "kare", sai na haƙura na bar shi. Ranar da anka kunna buji anka kashe fitila na karanta, da na kai wurin zare ta ce "ƙarya kake, sau guda ka sai mini na dala biyar," anka fashe da dariya sai da na sake baitin daga farko.